Zuwa ga ɗiyata, kan maganar shara

Ɗiyata, bayan gaisuwa. Ya maigidan naki, ya ɗan angona?

Gwaggonki ta dawo daga Mabera da labarin da ya hana ni barci. Wai komai a bokiti guda kike zubawa, in ya cika ki kai bayan gida ki cinna masa wuta. Ba haka na yi renonki ba, ko da yake a zamaninmu sharar ba ta wuce ɓawon albasa da toka.

Ki nemi mazubi uku. Na farko na jiƙaƙƙiyar shara ne, wato duk abin da zai ruɓe: ragowar tuwo, ɓawon kankana, kayan cikin kifi. Ki sa masa murfi, ki zubar kullum kafin magariba, don zafin Sakkwato ba ya barin ta ta kwana ba tsutsa. Ɓawo na awaki ne, sauran ya tafi ramin taki. Na biyu buhu ma ya isa, na busassa: leda, kwali, robar ruwa, gwangwani. Gwangwanin tumatir ki ɗauraye shi ya bushe tukuna, in ba haka ba ya jiƙa kwalin, ƙuda ya taru, 'yan jari bola kuma su ƙi saye. Famfas ki ƙulle shi a leda daban.

Na ukun shi ne dalilin wasiƙar nan. Batir, ƙwan fitila, reza, allura, maganin da ya lalace, gwangwanin feshin sauro, da kwalbar fiya-fiya. Gwangwanin feshi fashewa yake a wuta, ko kin ga kamar ba komai ciki. Allura da reza ki jefa su cikin roba mai kauri ki murɗe murfi. Batirin sola akwai dalma a cikinsa, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ki mayar wa masu sayar da shi. Sauran ki tara a bokiti mai murfi, bisa inda hannu ba ya kai, ki miƙa wa mai kwasar shara daban, ki faɗa masa abin da ke ciki.

An ce a robar lemo kike ajiye fiya-fiya, a ƙasa, yaro yana rarrafe! Wane irin sakaci ne wannan? Shi lemo ya sani. Kwalbar ko ta ƙare ba a wanke ta a zuba wani abu. Allah ya kiyaye, in kin ga yawu na dalala, yana gumi, baƙin idonsa ya tsuke, kada ki ɗura masa manja ko madara, kada ki sa shi amai. Ki ɗauke shi da kwalbar sai asibiti.

Na san hidima ta yi miki yawa, ki yi haƙuri da faɗana. Zan ba ƙanenki bokiti biyu masu murfi ya kawo miki ranar Juma'a.

Innarki