Rubutun Fassara Ba Ya Jiran Sabis, Baƙonku Ya Ɓatar da Mutane

Malam Edita, assalamu alaikum.

Amsar da baƙonku ya ba baiwar Allahn nan da ta kira shirinku na rediyo daga Rigasa ba daidai ba ce, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai gabatarwa ya ce masa "madalla" ya wuce zuwa kira na gaba. Mace ta faɗa da bakinta cewa fim ɗin a memori yake, an tura mata ne a shago, rubutun fassarar da ke fita a ƙasan allo yana zuwa bayan an gama magana. Sai malamin ya ce rashin ƙarfin sabis ne, in kuma ba haka ba to wayar ce ta yi ƙarama, ta nemi mai RAM da yawa. Wane sabis? Fayil ɗin da ke kwance a memori ba ya neman data ko ta sisin kwabo. A cire layin, a sa wayar a yanayin jirgi, fim zai yi, kuma rubutun zai makara daidai yadda ya makara jiya.

Ni sana'ata ke nan, ina da ɗan shagon caji da tura fina-finai a Tudun Wada. Tun da kuka watsa shirin nan mutane ke shigowa suna maimaita mini maganar baƙonku kamar karatun allo. Har da wani dattijo da ƙanwarsa ba ta ji sosai, wadda in babu rubutun nan to babu kallo a wurinta, ya zo yana tambayata nawa za a sayi wayarta don ya cika kuɗi ya sayo babba. Wayar lafiyarta ƙalau. A wannan tsadar rayuwa za a sa mutum ya rabu da wayarsa saboda abin da ba laifinta ba.

Abin da ya kamata a faɗa wa matar ba shi da wuya. Yawanci rubutun fassara ɗan fayil ne dabam da hoton, sunansa na ƙarewa da .srt, kuma babu komai a cikinsa sai jimloli da lokacin da kowace za ta fito da lokacin da za ta ɓace. Ga kamanninsa:

```
214
01:00:00,000 --> 01:00:02,500
Ina ka shiga tun jiya?
```

Manhajar kallo ba ta jin abin da 'yan wasa ke cewa. Agogon fim kawai take dubawa, idan ya kai awa 1 cif ta fito da wannan layin, ko an yi maganar ko ba a yi ba. Saboda haka idan rubutu bai hau kan magana ba, ma'anarsa an auna lokutan ne da wani kwafin fim ɗin, ba wanda ke hannunka ba.

Tambayar da baƙonku ya kamata ya yi mata guda ɗaya ce: tazarar tana nan yadda take daga farko har ƙarshe, ko ƙaruwa take yi? A duba magana ɗaya a farkon fim, a ja zuwa kusa da ƙarshe a duba wata. Idan daƙiƙa 3 ce a farko, 3 a ƙarshe, to kwafin nan yana da ɗan ƙari ko ragi a gabansa, watakila tambarin kamfani ko tallar wanda ya ɗora shi. Wannan gyaransa minti ɗaya ne. A manhajar kallo ta VLC na waya akwai Subtitle delay, a ta MX Player akwai Synchronize ƙarƙashin Subtitle, sai a ja rubutun gaba ko baya har ya zauna. A VLC na kwamfuta maɓallan G da H ne, kowace dannawa tana matsar da shi kashi 50 cikin 1000 na daƙiƙa, wato dannawa 20 ke ba da daƙiƙa ɗaya.

Amma matar Rigasa ta ce da farko lafiya lau, can tsakiya sai ya zama ana kuka a allo rubutu yana ba da dariyar da aka yi ɗazu. Na ji ta da kunnena, baƙonku ne bai saurara ba. Wannan ita ce matsala ta biyu, kuma Subtitle delay ba ya maganinta, don kana gyara nan, bayan minti biyar ta sake zamewa.

Dalilin shi ne saurin hoto. Fim jerin hotuna ne da ake haskawa da sauri. Na silima 24 ne a daƙiƙa, yawancin kwafin da ke yawo a intanet 23.976 ne, lissafin da aka gada daga tsarin talabijin na Amurka. Tsarin PAL kuwa, wanda Najeriya da Indiya da yawancin Turai suka yi amfani da shi, 25 ne. Idan aka ɗauko fim daga tasha ko faifan DVD na wannan tsari, sau da yawa ba a ƙara hoto ko ɗaya ba, an dai ɗan hanzarta shi ne da kusan kashi 4 cikin 100. Ido ba ya lura, kunne ma da ƙyar. Agogo kuwa yana lura.

Ga fim ɗin ƙanwar dattijon nan, na Indiya ne mai tsawo. Hoton 25 ne, rubutun kuma an auna shi da kwafin 23.976. Layin da fayil ɗin ya ce ya fito a minti 10, an riga an faɗe shi a minti 9 da daƙiƙa 35. Wanda ya ce ya fito a awa 1, an faɗe shi tun minti 57 da daƙiƙa 32, an makara kusan minti biyu da rabi ke nan. Layin ƙarshe yana rubuce a awa 2 da minti 30, alhali a hoton an yi maganar a awa 2 da minti 23 da daƙiƙa 51. Sama da minti 6! Kowane minti ɗaya na kallo yana ƙara kusan daƙiƙa biyu da rabi. Duk wanda ya ga tazara na hawa da wannan gwargwado, ba sai ya je wurin mai gyara ba, ya san ciwon.

Yadda na yi shi ne, na buɗe fim ɗin a VLC na kwamfuta, na shiga Tools sannan Codec Information, na ga Frame rate ya nuna 25. Na buɗe fayil ɗin .srt da Subtitle Edit, manhaja ce ta kyauta, na shiga Synchronization na zaɓi Change frame rate, daga 23.976 zuwa 25, na adana. Shi ke nan, aka ninka kowane lokaci da kusan 0.959, rubutu ya hau bakin masu magana har ƙarshe. Wanda bai san lambobin ba ma akwai Point sync a wuri guda: ka nuna wa manhajar inda layin farko ya faɗo da inda na ƙarshe ya faɗo, ita ta raba sauran. Wanda ba shi da kwamfuta ya koma inda aka tura masa ya ce a ba shi rubutun da aka yi wa wannan kwafin, mu masu shago haƙƙinmu ne, kuma wasunmu, gaskiya, sakaci ke sa su haɗa kowane rubutu da kowane hoto don suna ya zo ɗaya.

Akwai inda wannan ma ba ya aiki, kuma gara a faɗa. Idan rubutu ya tafi daidai na tsawon awa guda, sai kwatsam ya yi tsalle da daƙiƙa 40 ya tsaya a haka, to an yanke wani abu ne a tsakiya, waƙa ko wurin hutun rabin lokaci da finafinan Indiya ke da shi, ko wani fage da mai tacewa ya cire. Nan sai an gyara kashi kashi, daga wurin yankan zuwa ƙasa.

Ga wanda ya kira daga Kawo ya ce rubutun ba ya fitowa sam idan ya sa filashi a talabijin, shi ma an ce masa sabis. Haba. Talabijin da filashi, ina sabis ya shigo? Ya duba suna. Idan hoton Fim.mp4 ne, rubutun ya zama Fim.srt, harafi da harafi, kuma su zauna a folda ɗaya. Sau da yawa an kwafo hoton an bar ɗan fayil ɗin a baya, ko an sauya wa ɗaya suna. Wani lokaci kuma rubutun na cikin fayil ɗin fim ɗin kansa ne, mai ƙarewa da .mkv, yana jiran a kunna shi daga maɓallin rimot. Idan kuma fassarar Hausa ce sai ƙ da ɗ da ɓ suka koma alamar tambaya ko ɗan akwati, a sake adana fayil ɗin da tsarin haruffa na UTF-8, in har yanzu akwatin na nan to talabijin ɗin ce ba ta da waɗannan haruffa.

Ban ce sabis ba shi da hannu ko kaɗan ba. A manhajojin da ake kallo kai tsaye da data, rubutun yakan sauko dabam da hoton, don haka idan sabis ya yanke yana iya ƙin fitowa ko ya maƙale. A kashe shi a kunna, ko a fita daga fim ɗin a dawo. Amma ko a can, idan aka gwada a wayar maƙwabci aka ga ya makara a wuri guda da tazara guda, kuskuren daga fayil ɗin kamfanin ne, sai dai a kai musu ƙorafi. Sayen ƙarin data ba zai motsa shi ba, kuma abin da baƙonku ya tura mutane yi ke nan.

Tunda na riga na ɗauki biro, Malam Edita, layin wayar shirin nan fa? Ana cewa a kira, mutum ya kira kati na tafiya, a ɗauka a ajiye shi yana jin talla har lokaci ya ƙare.  Ni na kira ranar don in gyara maganar nan tun matar na kan sauraro, ban samu shiga ba, shi ya sa na rubuto.

Ina roƙo ku karanta wannan a shiri na gaba, ko ku dawo da baƙon ya janye batun sayen waya da bakinsa. Matar Rigasa kuma, idan tana ji, ta riƙe wayarta, ta koma shagon da aka tura mata ta tambaye su hotonta 25 ne ko 23.976, su duba su ba ta rubutun da ya dace da shi.

Naku,
Mai sauraronku daga Tudun Wada, Kaduna.