Ga Sababbin Manoman Rukuninmu: Dalilin da Taki Ke Guduwa a Ƙasar Yashi

Salamu alaikum ƴan uwa. Wani ƙaninmu daga Argungu ya nuna mini takardar gwajin ƙasar gonarsa, yana tambaya mene ne CEC.

Ƙwayoyin laka da ruɓaɓɓen taki suna da caji mai riƙe wasu sinadaran abincin shuka, irin su fotashiyam, kalsiyam da amoniyam, kamar yadda maganaɗisu ke riƙe ƙusa. Saiwa kuma tana karɓa a hankali. CEC shi ne awon yawan abin da ƙasa ke iya riƙewa, ana rubuta shi da cmol/kg.

Takardar ƙanin namu ta nuna 3. Ƙasar yashi ce, rumbunta ƙarami. Laka ta fadama kan wuce 15. To idan ya zuba buhun yuriya gaba ɗaya, ruwan Agusta ya sauko, kaso mai yawa zai zurare ƙasa da saiwa. Alamar ita ce gero ya yi shar, bayan ƴan makonni tsofaffin ganye su koma rawaya.

Shawarata gare shi: ya raba takin kashi biyu ko uku, ya riƙa binne shi. Kowace shekara ya kai takin shanu, karan gero kuma a daina ƙonawa, domin ruɓaɓɓen abu ya fi laka riƙo. Ba aikin damina ɗaya ba ne fa.