Gyaran gida daban, ƙari daban: baƙonku ya ɓatar da masu gidajen haya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Maganar da baƙonku ya yi a shirinku na rediyo na daren Talata ce ta hana ni barci. Wai mai gidan haya ya tara duk abin da ya kashe wa gidan a shekara, ya cire daga kuɗin haya, abin da ya rage shi ne ribar da za a yanka wa haraji. Wallahi ba haka ba ne, kuma mai gabatarwa ko tambaya ɗaya bai yi masa ba.

Ni na taɓa bin wannan lissafin, na kuma sha kunya. Ina da gida a Tudun Wada, sashe huɗu, kowanne naira 600,000 a shekara, jimilla 2,400,000. Da farkon damina iska ta yaye kwano a sashen baya, ruwa ya lalata silin, kafinta ya karɓi 180,000 har da kaya. Fenti ya ci 150,000. Kwashe sokawe da canza bututun da ya fashe suka ci 70,000. A shekarar ce kuma na gaji da ƙorafin 'yan haya kan 'yan garuwa, na haƙa rijiyar burtsatse na ɗora tanki a kan 1,300,000, sannan na fasa daɓen siminti na shimfiɗa tayil da 500,000. Na haɗa duka, 2,200,000, na rubuta cewa ribata 200,000 ce.

Jami'in da ya duba takarduna ya ɗauki biro ya ja layi a tsakiyar takardar, ya ce, "Baba, kafin ka kashe kuɗin nan akwai burtsatse a gidan?" Na ce babu. Ya ce to ban gyara komai ba, sabuwar kadara na ƙara. Kwano, fenti da sokawe, 400,000, su kaɗai suka tsallake. Ribata ta tashi 2,000,000, ninki goma na abin da na rubuta. Yaron sa'an ɗana ne, amma gaskiyarsa.

Gyara shi ne ka mayar da abu yadda yake kafin ya lalace, kuma shi ake cirewa gaba ɗaya a shekarar da aka yi shi. Idan kuwa ka kawo abin da babu shi da, ko ka ɗaga darajar gidan sama da yadda yake, wannan jari ka zuba. Ba a cire shi tashi ɗaya. Wanda ya cancanta ana rage shi kaɗan-kaɗan cikin shekaru, kuma ran da ka sayar da gidan zai shiga lissafin abin da gidan ya ci maka. Saboda haka rasit ɗin burtsatsen nan yana cikin akwatina har yau.

Inda abin yake da ruɗani shi ne rufi, kuma a nan na so a tsayar da baƙon. Ka cire kwano goma da suka yi tsatsa ka mayar da irinsu, gyara ne, ko da sabon ya ɗan fi tsohon kauri don shi ake samu yanzu a kasuwar Sabon Gari. Amma ka kwance rufin gida kaf, ka ƙara layin bulo uku, ka ɗaga shi sama ka lulluɓe da dogon alminiyam, ai ba tsohon rufinka ka maido ba. Haka wanda ya sayi kango da arha don ya lalace, ya zuba kuɗi kafin ɗan haya na farko ya shiga. Wannan kuɗin cikon farashin gidan ne, ko me birkila ya kira shi.

Birkilolinmu kuma takarda ɗaya suke yagowa su rubuta "aikin gida", su sa jimilla. Da irin wannan takarda ba ka da bakin gardama, gyaran ma yana iya bin ƙarin ya nutse. Ni yanzu sai an raba mini rasit, na toshe tsaga daban, na sabon gini daban, kuma nakan ɗauki hoton ɓarnar a waya kafin a taɓa ta.

Akwai zawarawa da 'yan fansho a Samaru da Gyallesu da ba su da abin dogaro sai hayar ɗalibai, kuma abin da rediyo ya faɗa shi ne hujjarsu. Za su cika takarda kafin ƙarshen Maris bisa maganar baƙonku. Ku dawo da shi ya warware, ko ku kawo akanta da ya san aikin.

Sannan don Allah wannan layin wayar naku, sau tara na kira a daren nan yana ta ƙara babu mai ɗauka, alhali tallar maganin basir sai da kuka sa ta sau huɗu a shirin minti talatin.

Naku mai sauraro,
wani ɗan fansho daga Tudun Wada, Zariya.