Zuwa ga matashin Mabera da ya tambaye ni batun wasiƙar neman aiki

"Baba, tun da na gama bautar ƙasa nake rubuta wasiƙun neman aiki, ko sau ɗaya ba a kira ni ba. An ce mana ku masu tace takardu daƙiƙa goma kuke ba kowace wasiƙa. Don Allah me kuke gani a cikin daƙiƙa goman nan, me kuma ke sa ku ajiye wasiƙa ba ku kai ƙarshenta ba?"

Ɗana, assalamu alaikum.

A zagayen farko ba karatu muke yi ba, rabawa muke yi. A ce kamfani ya yi tallar gurbi ɗaya, wasiƙu 300 suka shigo. In aka ba kowace minti uku, awa 15 ke nan, kusan kwana biyu na aiki, ga sauran hidimar ofis na jira. In aka ba kowace daƙiƙa goma, cikin minti 50 an gama. Shi ya sa mai tacewa ke fara kasa su kashi biyu, waɗanda zai dawo ya karanta a natse da waɗanda ba zai ƙara taɓawa ba. Wasiƙarka ba ta da aikin da ya wuce shiga kashin farko. Ba ita za ta ba ka aiki ba, ganawa ce ke bayarwa.

A lokacin wannan rabon, tallar da aka buga tana ajiye a gefen hannun mai tacewa, sharuɗɗanta kuma suna cikin kansa. Idonsa na neman sunan gurbin da kake so, sannan shaidar da aka gindaya, sannan wata alama cewa ka taɓa yin irin aikin. Kamar dillalin Kara ne da aka kawo masa rago: haƙori zai buɗe, ya dafa baya, kirarin da mai shi ke yi kuwa ba ya ko jin sa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Wani kamfanin rarraba taki da iri a nan Sakkwato yana neman mai kula da sito. Tallar ta ce ana son babbar difloma ko digiri a fannin akanta ko harkokin kasuwanci, da takardar kammala bautar ƙasa, da iya aiki da Excel, da ƙwarewar shekara biyu. Ta ce a turo ta imel, a haɗa komai a fayil ɗaya na PDF, a sa lambar gurbin a kan saƙon.

Tun kafin a buɗe wasiƙa an fara faɗuwa. Abin da ke bayyana a fuskar kwamfuta shi ne sunan mai turowa, da abin da ya rubuta a layin `Subject`, da sunan fayil. Wani ya bar layin babu komai. Wani ya rubuta gaisuwa. Wani kuma ya turo hotuna bakwai da ya ɗauka da waya a kan tabarma, inuwar hannunsa ta rufe rabin shaidar, sunan fayil ɗin `IMG-20240312-WA0007.jpg`, wato daga WhatsApp ya kwaso shi. Mai tacewa yakan buga lambar gurbin a akwatin bincike don saƙonnin wannan gurbin kaɗai su fito. Wanda bai sa lambar ba, ba wai an ƙi shi ba ne, ba a ma gan shi ba. Wanda ya rubuta `Application for Store Keeper SK/02` ya haɗa takardunsa a fayil ɗaya mai ɗauke da sunansa, ya riga ya nuna yana karanta umarni yana bin sa. A aikin sito kuwa wannan rabin aikin ne, don mai sito kullum da takardar shiga da fitar kaya yake ma'amala.

Yanzu mun buɗe wasiƙa ta farko. Da Turanci ake rubuta su, amma ga ma'anarta: "Cikin ladabi da ƙanƙan da kai nake neman kowane gurbi da ya dace da ni a wannan ma'aikata taku mai daraja. Ni matashi ne mai ƙwazo da riƙon amana, mai iya aiki cikin matsi ba tare da an sa mini ido ba." Nan take nakan ajiye. "Kowane gurbi" na nufin ka bar mini aikin gano inda ka dace, alhali ni gurbi ɗaya ke hannuna. Ƙwazo da riƙon amana kuma duk wanda ya rubuto ya ce yana da su, ban taɓa ganin wanda ya ce shi rago ne ba, saboda haka ba su raba ka da kowa. Ga wani abu da ku ba ku gani daga inda kuke: wannan sakin layin, kalma bayan kalma, zai fito a wasiƙu da dama cikin tarin, domin a kwamfutar shagon buga takardu yake ajiye, suna kawai ake canjawa. Wani lokaci har sunan kamfanin da na baya ya nema ake mantawa a ciki, sai ka ga ana neman aikin sito amma ƙasan wasiƙar na alƙawarin koyar da ɗalibai da kyau. Ba na ganin laifin masu shagon, abin da aka biya su suka yi.

Ta biyu ta fara haka: "Ina neman gurbin mai kula da sito, lamba SK/02. Ina da babbar difloma a akanta, na kammala bautar ƙasa a 2023. Shekara uku ina riƙe littafin shiga da fitar kaya a shagon hatsin kawuna a Tsohuwar Kasuwa, inda buhu kusan 200 ke fita a mako lokacin kaka. Ni na mayar da lissafin daga littafi zuwa Excel, duk ƙarshen wata kuma nakan ƙirga buhunan da ke ƙasa in gwada da abin da ke rubuce." Cikin jimla huɗu duk sharuɗɗan tallar sun sami amsa. Babu kalmar amana a ciki, amma wanda ke gwada kayan ƙasa da na littafi duk wata ya nuna ta a aikace. Kuma ya ba ni abin da zan tambaye shi ranar ganawa: in ka ƙirga ka ga buhu uku sun yi ɓatan dabo, me kake yi?

Ka lura mai wannan wasiƙar bai taɓa aikin ofis ba. A nan ne yaranmu suka fi cutar kansu. Suna ganin taya kawu a kasuwa, ko riƙe kuɗin makarantar Islamiyya, ko tsayuwa a shagon cire kuɗi, ba abin sawa a takarda ba ne, sai su ɓoye shi su cika shafi da yabon kai. Ni kuwa shi nake nema. Wanda ya yi shekara yana rufe lissafin shagon cire kuɗi kowane dare ya fi kusa da aikin sito fiye da wanda ya yi bautar ƙasa a babban ofis yana sa hannu a rajista yana komawa gida. Sai dai ka faɗi aikin yadda yake. Kada mai riƙe littafin shago ya kira kansa manajan kuɗi, don Sakkwato ba ta da faɗin da ƙarya za ta ɓuya, waya ɗaya ce za a buga a Tsohuwar Kasuwa.

Akwai abin da ke tsayar da karatu ko da an fara da kyau, wato shekarun da ba su haɗu ba. Ido ya saba da su. Mutum ya ce ya gama babbar difloma a 2022, ya kammala bautar ƙasa a 2023, amma yana da ƙwarewar shekara biyar a cikakken aiki a wani gari. Wataƙila yana da bayani, amma tun da bai rubuta ba, mai tacewa ba zai kira shi ya tambaya ba. Haka wanda ya yi shiru kan bautar ƙasa gaba ɗaya. In shekarunka sun wuce 30 lokacin da ka gama karatu aka ba ka takardar yafewa, ka faɗa a layi ɗaya. In kana cikin hidimar ne, ka faɗi watan da za ka gama. Shiru kan sharaɗin da aka gindaya, ana ɗaukarsa a matsayin babu.

Sai roƙo. Na san halin da ake ciki, kuma wasiƙar da ta ce "ni maraya ne, ƙanne shida ke wuyana, ku taimake ni don Allah" tana taɓa zuciya. Amma wanda ke tacewa shi ma ma'aikaci ne, zai kai sunaye gaban shugabansa a tambaye shi dalilin zaɓen kowane ɗaya, kuma tausayi ba ya cikin dalilan da zai iya karewa. Irin wannan wasiƙar kan sa mutum ya yi jim, ya yi maka addu'a, ya ajiye. Ambaton sunan wani babba a sakin layin farko ma bai cika taimako ba. In da gaske babban na bayanka, ba ta wasiƙa zai yi magana ba.

Kuskuren Turanci ɗaya ko biyu ba ya kashe wasiƙar mai neman sito. Kuskure a sunan kamfanin ko sunan gurbin yana kashewa, domin daga tallar kawai za ka kwafa. In aikin koyarwa ne ko na sakatare, to nan rubutun kansa jarrabawa ne, ma'aunin ya fi tsauri. Tsawo kuma shafi ɗaya ya isa, sauran bayani yana cikin takardar tarihin karatunka da aikinka.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai guraben da an gama rabonsu kafin a buga talla, kuma babu wasiƙar da za ta buɗe su. Ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta shafin intanet ma wani tsari ne dabam: fom kake cikewa, ana tacewa da shekarun haihuwa da matakin shaida da jiha da ƙaramar hukuma, sau da yawa kafin idon mutum ya kai kanka. Maganata ta shafi kamfanoni da makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji, inda har yanzu mutum ne ke zama ya buɗe saƙo ɗaya bayan ɗaya.

In ba ka cika wani sharaɗi ba, misali shekara ɗaya gare ka an ce biyu, ka nema, amma ka faɗi shekara ɗayar a fili tare da abin da ka yi a cikinta. Sau da yawa ana sassauta yawan shekaru in aikin da aka yi ya yi daidai da gurbin. Shaidar karatu ce ba a cika sassautawa ba, mai ƙaramar difloma da ya nemi gurbin mai babbar difloma yakan ɓata kuɗin datarsa ne kawai.

Kafin ka tura ta gaba, ka ƙirga lambar wayar da ka rubuta. Lambobinmu alƙaluma 11 ne, kuma na sha ware wasiƙa mai kyau in zo kira in tarar da goma, ko in ji layin a kashe kwana biyu a jere. Mai kira yana da wasu sunaye a ƙasan naka, zai wuce ne kawai. Ka sa lambar da ke aiki, ka ƙara ta wani na gida wanda zai iya nemo ka, kuma a makonnin da ke biye ka riƙa ɗaukar baƙuwar lamba da sallama.

Allah ya sa a dace. Ka gaida mutanen gida.

Babanka,
wani tsohon jami'in ɗaukar ma'aikata, Sakkwato