Wasiƙa zuwa Agege kan maganar yajin ƙuli

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu nan ƙalau muke, sai ruwan sama da ya sa mu gaba, Alhamdulillahi. Babanku ya ce a gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi.

Ƙanwarki ce ta nuna mini wayarta shekaranjiya, ta ce in ga yadda sana'arki ta bunƙasa. Na ga robobin yaji a jere, na ga citta da kanumfari da masoro, hotunan sun yi kyau, Allah ya sa albarka. Sai ta karanta mini abin da kika rubuta a ƙasan hoton yajin ƙuli: wai yana shekara guda cur bai canza ba. Ta kuma nuna mini inda wata baiwar Allah ta tambaye ki yadda za ta ajiye nata domin ya fara dunƙulewa, kika ba ta amsa da kalma uku, sa a firij. Tun daga lokacin raina bai kwanta ba. Na so in kira ki, amma na san halinki, za ki ce "to Inna" ki wuce wurin. Shi ya sa na sa aka kawo mini takarda.

Na san inda kika samo maganar shekara guda. A bakina kika ji ta, kuma gaskiya na faɗa, sai dai barkono da citta da ba a daka ba nake nufi, kuma a Kano nake nufi. A nan hunturu ne ke yi mana rabin aikin, tun daga Nuwamba iska ta bushe, abin da ka shanya ya bushe har ƙashinsa, mu dai mu tsallake Yuli da Agusta shi ke nan. Ke kuwa Legas kike. Ba ke ce kika ce mini takalmin da kika ajiye a ƙarƙashin gado ya yi fumfuna ba? Garin da takalmi ke fumfuna, me zai hana yaji?

Kuma yajin ƙuli daban yake da sauran kayan. Ƙuliƙuli gyaɗa ce, duk yadda aka matse ta da sauran mai a ciki, shi kuwa mai idan ya sha iska da zafi tsufa yake yi. Za ki ji ya fara warin tsohon mai, kina sa shi a baki ya bar miki maƙaƙi a wuya. Ga gishiri da dunƙulen magi da kuke zubawa, su biyun nan jan danshi suke daga iska, su ne ke sa garin ya cure. Saboda haka yajin da aka haɗa da ƙuli, a garinku, kada ki yi wa kowa alkawarin ya wuce wata ɗaya zuwa biyu yana da daɗinsa. Garin citta ko na barkono zalla ya fi shi juriya, yakan kai wajen wata shida kafin ƙamshinsa ya ja baya sosai. Wanda ba a daka ba shi ne mai haura shekara, domin man da ke ba shi ƙamshi yana kulle a ciki, dakan ne ke buɗe masa hanya ya fice.

Maganar firij kuwa, ki tsaya ki yi tunani. Matar nan ta ɗauko robar da sanyinta ta buɗe a kicin mai zafi, nan take raɓa ta sauka a kan garin, ta rufe ta mayar. Gobe ta sake. Jibi a ɗauke wuta kwana biyu, firijin ya yi ta zufa a ciki. Abin da ta zo miki da kukansa shi kika ƙara mata. Mai wuta tsayayya tana iya sa yajin ƙuli a sanyi a cikin kwalba mai murfi gam, in ta ciro ta bari sanyin ya fita kafin ta buɗe. Amma a cikin masu sayen kayanki, nawa ne ke da irin wannan wutar?

Ba ƙamshin ne ya hana ni barci ba. Yaji ya rasa ƙamshi, iyakarta a ce kayanki ba su da kyau a koma wurin wata. Fumfunar nake tsoro. Gyaɗa da masara da busasshen barkono, idan danshi ya kama su, akwai irin fumfunar da ke fitowa a kansu ta bar guba, likitoci suna ce mata afulatoksin, kuma hanta take ci a hankali. Abin da ya fi ba ni tsoro da gubar nan shi ne dafuwa ba ta kashe ta. Ki tafasa miyar yadda kike so, tana nan. Ki kankare inda ya yi kore-kore ki baza sauran a rana, ya bushe ya yi kamar ba abin da ya same shi, tana nan. Ba lallai ta sa mutum amai yau ba, balle a ce ga abin da ya ci. To ki duba su wa ke cin yajinki. Na ga kina sayar da yajin jego. Mace ta haihu jiya, jikinta ɗanye, tana shayarwa, ana barbaɗa mata shi a tuwo da nama safe da yamma har arba'in. Yara suna dangwala shi da awara da dankali. Idan uwar gida ta ga ya cure ya sauya launi, sai ta tuna mai kayan ta ce yana shekara, ta murmushe shi da cokali ta ci gaba da zubawa. Wa ya sa ta? Rubutunki. Kuma tun da wata cutar shuka ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, su Kachia da kewaye, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo, ba mai son zubar da abin da ya saya da tsada. Dalili kaɗan mutum yake nema ya riƙe, ke kuma kin miƙa masa.

Ban tarbiyyantar da ke a kan haka ba. Tun kina tsayawa a kan kujera 'yar tsugunno kafin ki kai bakin turmi kike ganin ina zubar da barkonon da ruwa ya taɓa, Gwaggonki tana ce mini almubazzara. Ba ni da kuɗin zubarwa a lokacin, ke ma kin san yadda gidan yake bayan abin da ya faru da rumfar babanku. Amma matan unguwar nan har yau aiko mini suke, wasu jikokinsu ne ma ke zuwa. Ke yanzu don kin ga 'yan'uwanki masu sana'a a waya kowa na cika baki, sai ki bi sahu? Hakkin mutane ne fa, kuma ranar gobe ba za a tambayi wayar ba.

To, na faɗi abin da ke raina, bari in koma ga abin da zai amfane ki. Tambayar matar nan ba damuwa ba ce, kyauta ta kawo miki. Duk abin da mutum ɗaya ya tambaya, akwai masu yawa da ke da shi a zuci ba su furta ba. Ki ɗauki hoton yajin a kwalba, da busasshen cokali a gefe, ki rubuta amsar a ƙasa kowa ya gani. Da ni ce, ga abin da zan sa:

"Ana yawan tambayata me ke sa yajin ƙuli ya dunƙule. Danshi ne. Da ya iso gare ki, ki juye shi a kwalbar da kika wanke ta bushe sarai, mai murfi mai kamawa, irin ta bama ma ta isa. Ki ɗebi na mako guda a ƙaramar roba, babbar ki bar ta a rufe cikin kabad, nesa da murhu da taga. Kada ki zazzaga shi a kan tukunya tana tururi, kuma kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga ciki. A nan Legas ki cinye shi cikin wata ɗaya zuwa biyu. In ya ɗan cure kawai, launinsa da ƙamshinsa na nan, ki murmushe ki yi saurin gamawa da shi. In kuwa kika ga kore ko baƙi-baƙi, ko kika ji warin gumi ko na tsohon mai, ki zubar duka, shanyawa ba ta gyara shi."

Kin ga ban sa farashi ba, ban ce a zo a saya ba. Ki bar wannan zuwa wani hoton. Da zarar kin manna talla a gindin shawara, mai karatu zai ce dama can abin da take nufi ke nan, shawarar ta zube. Kuma tambaya ɗaya na amsa, ban kwaso citta da kimba da daddawa na cusa ba. Kowanne ki ba shi ranarsa. Kada kuma ki fara da laifin mai saye, irin "ku ne ba ku iya ajiya ba". Wadda aka kunyata ba ta sake tambaya, kuma ba ta sake saye.

Na san abin da za ki ce: Inna, in na ce wata biyu, wa zai sayi babbar roba? Kaɗan ne, kuma gara haka. Ki riƙa ce wa mai ƙaramin gida ta ɗauki ƙarama. Ribar ranar za ta ragu, amma za ta dawo bayan 'yan makonni, kuma duk sanda ta buɗe sabo za ta tarar. Macen da kika hana ta kashe kuɗinta a banza, ita ce za ta ba maƙwabciyarta lambarki ba tare da kin roƙe ta ba.

Sai dai rubutun ba zai tsaya ba in ke kanki ba ki gyara daga tushe ba. Cittar da za ki kai niƙa, ki karya ɗaya: in ta ce ƙas ta bushe, in ta lanƙwashe da sauranta. Barkono ki girgiza ki ji 'ya'yan na kaɗawa a ciki, ki tsince duk wanda cikinsa ya yi baƙi. Ƙulin kuma ki san hannun da ya yi shi da irin gyaɗar da aka sa, kada ki sayi na buhun da ba ki san kwanansa ba don ya fi araha. In an dawo daga inji garin yana da zafi, ki baza shi a faranti ya huce kafin ki ɗura, in kika rufe shi da ɗuminsa zufa zai yi a cikin robar. Kowace roba ki manna mata takarda da ranar da aka daka. Maganin ƙwari kuwa, fiya-fiya ko waninsa, ko kusa da kayan nan kada ya zo, ko da wa ya ce miki haka 'yan kasuwa ke yi.

Yau ɗin nan ki goge wancan rubutun, ki nemi matar ki gaya mata ta ciro shi daga firij ta duba shi da kyau. In ya lalace ki ba ta wani kyauta, ni zan biya. Ba don na raina ƙoƙarinki na yi faɗa ba, na san kina yi ne ga yara ga hidimar gida a garin da ba ki da kowa, kuma wallahi ina alfahari da ke.

Yayanki zai shiga Dawanau ranar Asabar, in kina son citta da kimba ki faɗa masa da wuri a ba direba, waɗanda ba a daka ba zan sa ya sayo. Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan mai sunan Malam. Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki da cin hakkin kowa.

Mahaifiyarki