Kafin ki ba shi amsa

Assalamu alaikum 'yata,

Na ga saƙonki, na karanta shi har sau biyu. Kin ce wani bawan Allah yana son ku fara magana, ya kwanta miki a rai, amma kina tsoron ko kin yi gaggawa, tunda wata 2 kacal da rabuwarku da wanda kuka shekara 4 tare.

Ki bar ƙirga watanni. Wata takan warke da wuri, domin son ya daɗe da mutuwa kafin a furta rabuwar. Wata kuma shekara guda ba ta ishe ta ba. Abin da nake so ki duba shi ne, idan wannan sabon yana magana, shi kike saurara ko wancan?

Koma ki karanta abin da kika rubuto mini. Kin yabe shi da abu uku: yana kira a lokacin da ya ce, ba ya saurin fushi, ba ya kife waya idan kin matso. Duk ukun nan laifin wancan ne kika juya bayansa. Ba ki gaya mini abin da ke ba shi dariya ba, ko abin da ya sa a gaba. Har yanzu da mudun tsohon kike auna shi, kuma a wannan mudu kowa ma zai cika.

Ki ba kanki mako 2, ki lura da zuciyarki. In wani abin daɗi ya same ki da rana, wa kika fara marmarin faɗa wa? Sannan ki lura da lokacin da kike neman sabon. In sai dare ya yi, daidai lokacin da kuka saba hira da wancan, hannunki yake kai wa ga waya, to kaɗaici ne ke damunki. Haka nan in kina fatan labarin ya kai kunnen wancan don ya ji haushi.

Ni ma na taɓa yin haka kafin na haɗu da babanki. Wani mutumin kirki ya zo, na cika masa kunne da labarin wanda ya bar ni, yana ta ba ni haƙuri. Da na warke sai na ga ba na sonsa ko kaɗan. Ranar da na gaya masa, shiru ya yi, ya ce ai ya daɗe da sani. Har yau in na tuna sai na ji nauyi.

Ban ce ki kore shi ba. Ki gaya masa gaskiya sau ɗaya, a taƙaice: kin fito daga doguwar alaƙa, kina son a bi a sannu. Ku riƙa gaisawa da rana, kada ki yi alƙawarin komai tukuna. In ya matsa miki lamba bayan ya ji wannan, ki ja baya.

In mako 2 ɗin sun cika ki kira ni, ina son jin waye shi. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki