Ƙananan 'yan kasuwa ba sai sun jira kwana 90 ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina sayar wa wani babban kamfanin abinci masara a Kano, kuma kuɗina ba sa fitowa sai bayan kwana 90. Bana aka sa ni cikin wani tsari da nake so 'yan uwana 'yan kasuwa su sani.

Da na kai kayan naira miliyan 10, kamfanin ya duba, ya amince da takardar kuɗin, ya shaida wa bankinsa cewa zai biya. Bankin ya ba ni kuɗina a rana ta 10, ya cire ladansa na kwana 80 da suka rage, a kan kashi 24 cikin ɗari a shekara, wato kusan naira dubu 526. Wa'adi na cika, kamfanin ya biya banki miliyan 10 cif. Banki bai nemi jingina a wurina ba, domin ƙimar kamfanin ya duba, ba tawa ba. Da ni na je neman rance da kaina, wallahi da kuɗin ruwan ya fi haka nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai lauje cikin naɗi. Wasu kamfanoni na fakewa da tsarin su mayar da wa'adi kwana 120, ladan banki ya ƙaru a kan mai kaya. Kuma muddin akwai gardama kan awo ko danshin masara, ba a amince da takarda ba, ko sisi ba za ka gani ba. Batun halaccinsa kuwa, na bar wa malamai.

Naku,
Wani ɗan kasuwa, Dawanau, Kano